Fita shan iska a watan azumi: lissafin da mutumin Kumasi zai yi kafin ya ɗauki jaka

Da yawa daga cikinmu a Kumasi ba mu muke zaɓa wa kanmu lokacin hutu ba. Ma'aikaci sai lokacin da ofis ya sallame shi, ɗan kasuwa sai ciniki ya ja baya, mai iyali kuma sai ranar da makaranta ta saki yara. Shekarun nan kuwa ranakun hutun sun yi ta faɗowa cikin Ramadan. Ista ta 2023 da ta 2024 duk a cikin azumi aka yi su, haka ma hutun ranar 'yancin kai, 6 ga Maris, na 2025 da na 2026. Saboda haka tambayar ko a fita yawon buɗe ido da azumi a baki tambaya ce ta gaske a gidajen Aboabo da Asawase da Tafo, kuma amsarta ta dogara ne kan wani abu da ba a cika dubawa ba: shin garin da za ka je yana juya lokutansa saboda azumi, ko kuwa harkarsa yake yi kamar kowane wata?

A zango ba ma jin nauyin wannan tambaya, domin unguwa gaba ɗaya ce take juyawa tare da mu. Mai koko da ƙosai da ta saba fitowa da sassafe sai ta koma bayan la'asar. Masa da pinkaso da burkina da lamurji suna jere a bakin titi kafin a kira magariba, ga tafsiri da rana, ga asham da dare, ga masu shayi har tsakar dare. Mutum bai shirya komai ba, amma ya tarar an shirya masa. Da zarar ka bar zango wannan gatan ya ƙare. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Ghana, kuma a garuruwan bakin teku, inda mafi yawan wuraren yawon buɗe ido suke, ba su ne masu rinjaye ba. Can babu abin da yake motsawa daga wurinsa don an ga wata.

Mu ɗauki tafiyar da aka fi yi: daga Kumasi zuwa Cape Coast da Elmina da dajin Kakum, kwana biyu. Nisan ya ɗan haura kilomita 200 ta hanyar Assin Fosu, kuma yakan ci awa huɗu zuwa biyar, gwargwadon halin titi da yawan tsayawa.

Tun kafin a tayar da mota akwai hukuncin da ya kamata a warware, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kowa ya san Alƙur'ani ya yi wa matafiyi rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda akasarin malaman zango suke karantarwa, rangwamen yana da sharuɗɗa. Dole tafiyar ta kai nisan ƙasaru, wato mil 48, abin da ake ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗoriya. Cape Coast ta wuce wannan, amma tafkin Bosomtwe, da yake kamar kilomita 30 daga Kumasi, bai kai ba. Wanda ya je can mazaunin gida ne a hukunce. Sannan sai mutum ya fita daga gari kafin alfijir ya keto. Wanda ya yi sahur a gidansa, ya wayi gari da azumi, ya je tasha ƙarfe 7 na safe, azumin wannan yinin yana kansa, ba zai karya shi a Assin Fosu don kawai ya ga ana sayar da abinci ba. Idan kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, hukuncin matafiyi ya faɗi daga kansa. Akwai ma wani ɗan abu da ake mantawa: niyya ɗaya da muke ɗaurawa a daren farko don ta wadatar da wata duka, tafiya tana yanke ta, don haka matafiyin da ya zaɓi yin azumi sai ya riƙa sabunta niyya kowane dare. Malamai sun yi magana kan tafiyar da babu komai cikinta sai nishaɗi, kuma ba dukansu ne suka ba ta rangwame kai tsaye ba. Wannan shi ne abin da za ka kai wa malaminka kafin ka sayi tikiti, ka faɗa masa nisan da kwanakin da dalilin tafiyar. Ni a ganina, wanda zai fita shan iska ya tsara tafiyarsa a kan cewa zai yi azumin. Bashin Ramadan da aka ci saboda kallon teku yana da nauyin biya.

To, a ce ka yanke za ka riƙe azuminka. Sa'ar da muke da ita a Ghana ita ce tsawon yini ba ya canzawa sosai. A bakin teku, cikin Fabrairu da Maris, alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5, rana kuma tana faɗuwa wajen 6 da kwata. Awa 13 ke nan da 'yan mintuna. Abin da zai wahalar da kai ba tsawon yinin ba ne. Shi ne cewa duk abin da ka je gani a buɗe yake a daidai awannin da jikinka ya fi rauni, sannan a rufe yake a awannin da ka dawo da ƙarfinka. Gidajen tarihi na Cape Coast da Elmina suna karɓar baƙi ne daga wajen ƙarfe 9 na safe zuwa yamma, kafin magariba an kulle. Ba za a jinkirta rufewa don kai ba, kuma babu zagayen bayan asham.

Wannan ya sa jerin wuraren yake da muhimmanci fiye da yawansu. Kakum shi ne na farko, kuma da farar safiya. Yana arewa da Cape Coast da kamar kilomita 30. Abin da ake zuwa dominsa shi ne gadar igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi tun 1995, gadoji bakwai a jere, tsawonsu duka kamar mita 350. Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne hawan tudu da ake yi a ƙafa cikin daji kafin a kai ga gadar farko. Iskar dajin a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, riga takan manne a jiki cikin 'yan mintuna. Wanda ya yi wannan hawan da sanyin safiya, ruwan sahur na jikinsa, zai sauko lafiya ya koma masauki ya kwanta. Wanda ya bari sai ƙarfe 12 ya zubar da ruwan da zai kai shi magariba, kuma saura awa shida. Ranakun hutu irin 6 ga Maris sun fi muni, domin motocin 'yan makaranta da na coci-coci suna cika wurin, sai ka yi ta tsayuwa a layi ana shigar da mutane rukuni-rukuni. Idan dole a ranar hutu za ka je, ka kasance cikin rukunin farko.

Gidan Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, a bar su zuwa bayan la'asar ko kuma safiyar rana ta biyu. Zagaye ɗaya da mai rakiya yakan ɗauki kusan awa guda, ana sauka kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare bayi kafin a loda su jirgi. Ɗakunan ba su da iska, ga duhu, ga zafi, sannan a fito fili inda farin bango yake mayar da hasken rana cikin ido. Ba na ba mai azumi shawarar ya haɗa gidajen biyu a yini ɗaya, ko da yake tsakaninsu bai wuce tafiyar minti 20 zuwa 30 a mota ba. Kuma gaskiya wuri ne da ya cancanci a shiga da natsuwa. Mutumin da ƙishirwa ta dame shi ba ya sauraron abin da ake faɗa masa, ƙofar fita kawai yake nema.

Abinci shi ne inda aka fi shan mamaki, kuma matsalar ba rashinsa ba ce. Da rana ko'ina ana ci ana sha a gabanka. Matsalar tana kan iyakoki biyu na yini. Otal yakan haɗa kuɗin ɗaki da karin kumallo, amma sai wajen ƙarfe 6 da rabi ko 7 ake fara bayarwa, lokacin kai ka daɗe da kama baki. Ka biya kuɗin abin da ba za ka ci ba. Maganinsa shi ne a yi maganar tun wajen kama ɗaki, ba da dare bayan mai dafa abinci ya tafi gida ba: a naɗe maka rabonka tun da yamma, burodi da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace, a ba ka butar dafa ruwa, kuma ka tambaya ko akwai firji a ɗakin. Ƙananan masaukai sun fi manyan otal sauƙin kai a wannan, domin da mai wurin kake magana kai tsaye.

Akwai wata dabara da hanyar kanta ta tanadar. A Yamoransa, mahaɗar da titin Kumasi yake haɗuwa da na bakin teku, mata suna jere da tulin dokunun Fanti, wanda ake naɗewa da busasshen ganyen ayaba. Yana kwanaki bai lalace ba ko babu firji, yana kuma riƙe ciki. Ka tsaya ka saya tun a hanyar shiga, ka haɗa da soyayyen kifi da shito da ruwa mai yawa, sahur ɗinka na kwana biyu ya samu. Sai dai a rage yaji da gishiri da asuba, domin su ne suke tayar da ƙishirwa tun hantsi. Wanda ya fi son abu mai ruwa-ruwa yana iya dama dokunun da madara da sukari da gyaɗa. Dabino kuwa daga Kumasi za ka taho da shi. Kada ka sa rai za ka same shi a kantin kusa da otal.

Buɗa-baki ma yana da nasa tarkon. Gidajen abincin bakin teku sai ka yi oda ake ɗora tukunya, kuma kifi ɗaya yana iya cin minti 40 ko awa guda kafin ya iso tebur. Wanda ya zauna ƙarfe 6 yana jiran a kawo masa abinci da kiran salla zai sha ruwa da hamma. Ka ba da odarka tun ƙarfe 5, ka faɗi lokacin da kake so a kawo. Ka kuma sani cewa ba lalle ka ji ladan daga inda kake ba, sannan a ƙasarmu duhu yana saurin rufewa bayan faɗuwar rana, don haka ka riƙe jadawalin garin da kake, ba na Kumasi ba, ko da yake bambancin 'yan mintuna ne. Batun nama kuma sananne ne: a gidajen abincin kudu akwai naman alade da naman daji, kuma ba ka san wanda ya yanka akuyar ba. Kifi ya raba gardama, ga shi kuma garin masunta ne.

Abin da nake ganin ya fi duk wannan shi ne ka nemi zangon garin. A Cape Coast, wajen kasuwar Kotokuraba akwai zango da babban masallaci. Daga la'asar za ka ga abin da ka baro a gida, ko da a taƙaice: koko, ƙosai, masa, da mutanen da za su amsa maka sallama da Hausa. Ka ce wa mai koko, "Mma, baƙi ne mu daga Kumasi, ina ake asham a nan kusa?" za a nuna maka, wataƙila ma a ja ka zuwa tabarmar buɗa-baki. Wanda ya kama masauki kusa da zango ya rage wa kansa rabin wahala. Wanda ya kama a bakin rairayi saboda kyan hoto zai tarar maƙwabtansa mashaya ce da kiɗa har dare, musamman Juma'a da Asabar, a daidai lokacin da yake son ya yi salla ya kwanta da wuri saboda sahur.

Idan ka juya ka nufi arewa, lissafin gaba ɗaya sai ya kife. Tafiya zuwa gandun dajin Mole ta Techiman da Kintampo da Buipe, a karya a Fufulso zuwa Damongo, kusan yini guda take ci. A nan ka shiga ƙasar da Musulmi suke da yawa, kuma a Tamale ko Larabanga gari ne yake azumi tare da kai. Da rana masu abinci da yawa ba sa fitowa, kasuwa takan yi sanyi bayan azahar, da yamma kuma titi ya cika. Sahur da buɗa-baki da asham ba abin damuwa ba ne a cikin gari. Larabanga tana dab da ƙofar gandun, kuma tsohon masallacinta na ƙasa, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma, har yanzu ana salla a cikinsa. Ga Musulmi wannan ziyara ta fi daɗi a Ramadan fiye da kowane wata.

Amma wanda ya taho da yara, ko matar da ba ta azumi saboda goyo ko juna biyu, ko dattijo mai shan magani, shi ne zai ji canjin. A Cape Coast su ne suke cikin sauƙi, kai kana wahala. A ƙauyukan arewa kai ne cikin sauƙi, su kuma abincin rana sai an nema. Gidan abincin masaukin da ke cikin gandun yana aiki da rana saboda baƙi, amma a hanya sai ka yi musu guzuri, kuma su ci a cikin mota ko a ɗaki saboda kunyar mutanen gari.

Sai zafi. Maris shi ne ƙololuwar zafin arewa, ma'auni yana kaiwa digiri 40. Kuma zafin ya bambanta da na Kakum: a bushe yake, gumi yana ƙafewa tun kafin ka gan shi, sai mutum ya yi ta asarar ruwa bai sani ba. Abin takaicin shi ne lokacin nan ne ya fi kyau don ganin giwaye, domin rani ya tilasta musu zuwa tafkunan da ke ƙasan masaukin. Ana fita zagaye sau biyu, wajen ƙarfe 7 na safe da wajen 3 da rabi na yamma, kowanne kamar awa biyu tare da ma'aikacin gandu mai bindiga. Mai azumi ya ɗauki na safe idan a ƙafa ne. Na yamma, in har zai yi, ya yi shi a mota, domin awa goma ke nan rabonsa da ruwa kuma ƙasa tana fitar da zafin da ta sha tun safe. Alamomin da ba a wasa da su su ne ciwon kai mai tsanani, jiri idan an miƙe, fitsari kaɗan mai duhu, bugun zuciya da sauri, da ruɗewar magana. Idan abokin tafiyarka ya fara amsa tambaya ba daidai ba, ko jikinsa ya yi zafi amma babu gumi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa idan yana iya haɗiya, a nemi asibiti. A wannan hali shari'a da kanta ta ce a sha, kuma wanda ya hana shi ruwa don ya cika azumi ya cutar da shi.

Masu hali da suke tsallakawa waje, zuwa Maroko ko Dubai, suna tarar da irin na arewa ne amma a babban gari, har hukuma ma tana sa hannu. Maroko takan mayar da agogonta baya da awa ɗaya a Ramadan, sai lokacinta ya zo daidai da na Ghana. Wanda bai lura ba zai iya kuskuren lokacin jirgi ko na jirgin ƙasa. Ofisoshi da wuraren tarihi da yawa suna tashi da wuri, shaguna suna rufewa dab da magariba, tasi ma takan yi wuyar samu a wannan rabin awar, sannan bayan isha gari ya buɗe har tsakar dare. Dokar ƙasar kuma ta tanadi hukunci ga wanda aka san Musulmi ne ya ci abinci a bainar jama'a da rana ba da uzuri ba, don haka matafiyin da ya ɗauki rangwame ya ci a ɗakinsa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa doka ta rage awa biyu daga lokacin aiki, manyan kantuna suna kaiwa dare sosai, gidajen abinci da yawa a Dubai kuma a buɗe suke da rana. A irin waɗannan wurare wanda ya tsara yininsa kamar yana Cape Coast, ya fita tun safe ya dawo a gajiye da magariba, ya yi barci a lokacin da garin yake farkawa. Can sai a kwanta da rana a fita da dare.

Cikin watan ma ba duk ranaku ne ɗaya ba. Kwanakin farko jiki bai saba ba, masu shan shayi da kofi suna fama da ciwon kai. Goman ƙarshe kuwa na tahajjud ne da neman daren Lailatul Ƙadari, ga ɗinkin salla da zakkar fidda-kai, ga motocin arewa da suke cika da masu komawa gida. Kuma tunda sai ofishin Babban Limamin ƙasa ya sanar da ganin wata ake sanin ranar salla, wanda ya sa dawowarsa a ranar 29 yana iya yin idi a tasha. Goman tsakiya ne ya rage, kuma kwana biyu ko uku sun isa.

Lissafin zai ci gaba da sauyawa, domin Ramadan yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2027 farkon Fabrairu zai kama, daga nan ya shiga Janairu, har a 2030 a yi shi sau biyu, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba. Wannan zai sauƙaƙa tafiyar Mole, domin safiyar hunturu tana da sanyi, ko da yake iskar tana busar da leɓe da maƙogwaro. Bakin teku kuwa zai ƙara wuya, saboda Disamba ne lokacin da baƙi daga ƙasashen waje suke cika Accra da Cape Coast, kuɗin ɗaki ya tashi, kuma otal ɗin da yake cike ba ya cika sauraron mai neman a naɗe masa sahur.